Ƙamshin shago da ƙamshin yamma: yadda turare ke sauyawa cikin sa'o'i, da yadda ake gwada shi

Duk mai sayar da turare a babbar kasuwar Njamena ko a Kusiri ya san wannan rigimar. Mace ta sayi kwalba ranar Asabar, ta dawo ranar Litinin tana cewa: "Alhaji, ba wanda ka shinshina min ba ne ka ba ni. Na shago ƙamshin lemo yake, wannan kuwa zuwa la'asar sai ka ce itace aka ƙona." Alhaji ya rantse kwalba ɗaya ce, ya ɗauko ta gwaji ya fesa mata a bayan hannu, ta shinshina, ta ji lemon nan ya dawo. Sai ta rasa abin faɗa, amma zuciyarta ba ta kwanta ba, domin ta san abin da hancinta ya ji jiya da yamma.

A mafi yawan irin wannan gardama babu wanda ya yi ƙarya. Ita tana maganar ƙamshin sa'a ta shida ne, shi kuma yana nuna mata na minti na farko. Turare ɗaya ne, lokaci ne ya bambanta.

## Me ake nufi da kai, zuciya da tushe

A jikin kwalin turaren da ake shigowa da shi daga Faransa ko Dubai, sau da yawa ana jera kayan haɗi kashi uku, wani lokaci a cikin zane mai tsini kamar dala. Masu sana'ar a Faransa suna kiran kashi na sama ƙamshin kai, na tsakiya ƙamshin zuciya, na ƙasa ƙamshin tushe.

Ƙamshin kai shi ne wanda ke fara dukan hanci da zarar an fesa: lemon tsami, ɓawon lemon zaƙi, na'ana'a da danginsu. Yakan yi minti 5 zuwa 15 yana tashe, da wuya ya wuce rabin sa'a da ƙarfinsa. Ƙamshin zuciya shi ne furanni da kayan yaji, irin su wardi, yasmin, kanumfari da kirfa, wanda ke bayyana sosai bayan kamar minti 20 ya kuma riƙe sa'o'i biyu zuwa huɗu. Ƙamshin tushe kuwa shi ne itatuwa da ƙaro da abin da ya yi kama da su: sandal, udu, miski, ambar, jawi, banila. Shi ne ake tarar da shi a wuyan riga washegari.

Asalin wannan rabo ba tsoho ba ne sosai. A ƙarni na 19 wani mai haɗa turare a Landan, Septimus Piesse, ya kwatanta ƙamshi da sautin kiɗa, wani siriri wani mai kauri. A shekarun 1950 William Poucher, shi ma Bature ɗan Ingila, ya ɗiga ɗaruruwan kayan ƙamshi a kan takarda, ya riƙa lura da tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka kafin ya ɓace, ya ba su maki daga 1 zuwa 100. Daga 1 zuwa 14 ya ce na kai ne, 15 zuwa 60 na tsakiya, 61 zuwa 100 na tushe. Jean Carles na garin Grasse a kudancin Faransa kuma ya mayar da wannan tsari hanyar koyar da almajiran sana'a. Ma'aunin dai guda ne tun farko: wane ne ke saurin tashi, wane ne ke jan ƙafa.

## Abin da ke faruwa a kan fata

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka hawa uku ne a jere, na farko ya ƙare na biyu ya buɗe. Ba haka abin yake ba. Tun daga daƙiƙar farko dukkan kayan haɗin suna tashi tare, sai dai saurinsu ba ɗaya ba ne. Kamar gidan biki ne da hantsi: yara sun cika tsakar gida da hayaniya, ba a jin kowa sai su. Can suka watse, aka fara jin hirar 'yanmata. Da yamma su ma suka tafi, sai ga muryar tsofaffi, waɗanda tun safe suna nan zaune a kan tabarma suna magana ba a jin su. Sandal ɗin da matar nan mai ƙorafi ta ji da la'asar yana nan tun a shago, lemo ne ya danne shi.

Dalilin bambancin sauri yana cikin nauyin ƙwayoyin sinadarin, kuma ana iya hango shi daga zafin da kowanne ke buƙata kafin ya tafasa. Alkohol ɗin da ake narkar da turaren feshi a ciki yana tafasa a digiri 78, shi ya sa yake bushewa cikin minti ɗaya ko biyu. Limonin, sinadarin da ya fi yawa a man ɓawon lemo, yana tafasa a wajen digiri 176. Banilin, mai ba banila ƙamshinta, sai wajen 285. Santalol na itacen sandal ya kai kusan 300. Babu wanda ke tafasa a jikin mutum, tunda zafin fata bai wuce digiri 32 zuwa 34 ba a yawancin lokaci. Amma wanda ya fi kusa da tafasa shi ya fi saurin bin iska.

Akwai kuma abin da masu haɗi ke kira mariƙi. Kayan tushe masu nauyi da danƙo suna rage saurin tashin masu sauƙin da aka cakuɗa su da su. Matan da ke haɗa humra a Cadi sun daɗe da sanin wannan ba tare da littafi ba. Farce, wato murfin wani dodon koɗi na teku da ake wankewa a soya a daka, da garin sandal, da miski, aikinsu ke nan: su kama ƙamshin turarukan ruwan da aka zuba a kai, su hana shi gudu. Shi ya sa humrar da aka yi wa rowar farce da sandal take buɗewa da daɗi amma ba ta kwana a jiki.

## Agogon kwali da agogon zafin Maris

Lokutan da aka ambata a sama an auna su ne a ƙasashen da ɗaki ke zama a digiri 20 da 'yan kai. A Njamena, Kusiri, Marwa da Garwa, daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan wuce digiri 40. Mutum yana gumi, rigarsa ta ɗau zafi, ga iskar babur idan ya hau. Duk waɗannan suna gaggauta tashin ƙamshi. Sakamakon biyu ne, kuma suna rikita mai saye. Na farko, turaren yana buɗewa da ƙarfi fiye da yadda aka tsara shi, har wanda ke gefe ya ji ya yi yawa. Na biyu, ƙamshin kai da ya kamata ya yi kwata na sa'a yana iya wucewa kafin mutum ya fita daga layin 'yan turare.

Hunturu kuma da tasa matsalar. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska busasshiya ce, fata ta bushe ta yi furu-furu. Sinadaran ƙamshi suna son maiƙo, a cikinsa suke maƙalewa, don haka busasshiyar fata ba ta riƙe su. Wanda ya shafa mai marar ƙamshi kafin ya fesa zai ga bambanci. Man kaɗanya yana yin wannan aikin, sai dai wanda ba a tace ba yana da nasa warin da zai shiga cikin lissafi. Da damina, danshin iska kan sa ƙamshi mai zaƙi ya yi nauyi a ɗaki.

Abin da wannan ke nufi shi ne, hukuncin da aka yanke wa turare da sanyin Janairu ba lallai ya tsaya a Afrilu ba. Mai udu da banila wanda ya yi daɗi da hunturu yana iya hawa kai da bazara, mai lemo da ya yi armashi da safiyar zafi kuma ba zai kai azahar ba.

## Gwaji na yini guda, daki-daki

A ɗauki misalin wani saurayi a Kusiri da aka ba shi aikin sayo turaren da za a sa a lefen yayansa. Watan Maris ne, ya shiga shago da ƙarfe 9 na safe. Abu na farko da ya yi daidai shi ne bai sa turare ba kafin ya fito, bai kuma bari an turara masa riga ba. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne a gidajen da kasko ba ya mutuwa, domin rigar da ta sha kajiji da sandal za ta ara wa kowane turare tushen da ba nasa ba.

Mai shago ya jera masa kwalabe shida. Bai shinshina bakin kwalba ba, tunda abin da ke nan alkohol ne da busasshen saura. Ya sa aka fesa kowanne a kan 'yar takarda, ya rubuta suna a gefe, ya jira kamar minti ɗaya alkohol ya tashi, sannan ya kai hanci daga ɗan nesa, shaƙa gajera sau biyu ko uku. Bayan na uku ya fita ƙofar shago ya sha iska kafin ya ci gaba. Takarda ba ta da zafi ba ta da maiƙo, saboda haka ba ta nuna yadda turare zai zauna a jiki. Aikinta kawai ta fitar da waɗanda ba su shiga rai ba. Huɗu suka faɗi, biyu suka rage.

Biyun nan ya sa a fata: ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a na hagu, fesawa ɗaya-ɗaya daga tazara iri ɗaya. Bai goga hannuwan da juna ba. Ana yawan cewa gugar tana farfasa ƙamshi, wanda ba gaskiya ba ne, amma tana ɗumama fata ta kori ƙamshin kai da wuri, ta kuma cakuɗa turarukan biyu, gwaji ya lalace. Mai shago ya ce: "Ɗana, ai na daman nan ya fi, ka ji yadda yake tashi." Ya amsa: "Baba, bari in yini da su tukuna, gobe in Allah ya kai mu zan dawo."

Ƙarfe 9 da kwata, na dama ya cika waje da lemo da wani zaƙi kamar na 'ya'yan itace. Na hagu bai burge ba, ɗan yaji ne da ɗaci-ɗaci. Da a wannan lokacin zai biya kuɗi, na dama zai ɗauka, kuma haka yawancin ciniki ke ƙarewa. Ƙarfe 10, lemon dama ya tafi ya bar zaƙi zalla, na hagu kuma ya buɗe, wardi da kanumfari sun fito fili. Bayan azahar ya sake dubawa, yana sane da cewa alwala ta wanke wuyan hannu, shi ya sa tun da safe ya sa aka ɗiga masa kowanne a can saman dantse ma, inda ruwa ba ya kaiwa, da kuma gefe biyu na hankici. A dantsen dama sai ya manna hanci kafin ya ji wani ɗan miski siriri. A na hagu sandal ne mai ɗumi da sauran wardi a bayansa. Da magariba dama ta yi shiru, hagu tana nan. Washegari hankicin ya tabbatar da haka.

Wani abu guda ya ƙara, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Da la'asar ya je wurin innarsa ya ce ta faɗa masa abin da take ji daga inda take zaune, sannan ta matso. Dalili shi ne hanci yana gajiya da ƙamshin da ya daɗe tare da shi. Cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa takan daina kula da shi, kamar yadda mai aiki a gidan burodi ba ya jin ƙamshin burodi. Da yawa daga masu cewa "turaren nan ba ya daɗewa" hancinsu ne ya saba, sai su ƙara fesawa, na kusa da su a sahu su sha wahala. Akwai kuma mutanen da a halittarsu ba sa jin wasu nau'o'in miski na zamani sam, alhali wanda ke gefensu yana jin sa sosai. Hanci na biyu shi ke raba gardama tsakanin turaren da ya ɓace da hancin da ya gaji.

Game da 'ya'yan kofi da wasu shaguna ke ajiyewa don "wanke hanci", wani bincike da aka buga a Amirka a 2011 ya gwada su da yankan lemo da kuma iska zalla, bai ga kofi ya fi ba. Fita waje na ɗan lokaci, ko shinshina gwiwar hannun da ba a sa wa komai ba, ya wadatar.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Saɓani na farko shi ne tsakanin masu turaren mai da masu na feshi. Masu mai suna cewa nasu ya fi daɗewa, kuma sau da yawa haka ne, tunda mai ba ya tashi kamar alkohol, yana sakin ƙamshi a hankali. Wasu kuma suna zaɓarsa ne don gudun alkohol saboda salla, kuma wannan na cikin abin da ya sa Bintu Sudan, turaren mai da aka fara yi a 1920, ya yi shekaru yana shiga gidajen yankin nan. Masu feshi suna cewa nasu ya fi tashi ya fi kai wa nesa, su ma sun yi gaskiya: alkohol yana watsa turaren a fili mai faɗi, ya ɗaga ƙamshin kai lokaci guda. A turaren mai hawa ukun ba sa rabuwa sosai, buɗewarsa a kwance take, kuma yana zama kusa da jiki. Saboda haka kwatanta su a minti na farko zalunci ne ga na mai, kwatanta su a sa'a ta takwas kuma zalunci ne ga na feshi.

Na biyu shi ne ko daɗewa ita ce inganci. A kasuwanninmu tambayar farko ita ce "yana kwana?", kuma tambaya ce mai hujja ga wanda ya tara kuɗinsa da ƙyar, yana son abin da zai kai shi daga Juma'a zuwa dare. Sai dai masu haɗi suna nuna cewa daɗewa ba ta da tsada. Akwai sinadaran tushe masu araha da ke manne wa tufa har bayan wanki, kuma man lemo na asali, komai kyansa, ba zai taɓa kwana ba. Yawan man ƙamshi a kwalba yana da tasiri: turaren da aka rubuta wa odatuwalet a kwali kan ɗauki kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, wanda aka rubuta wa odafarfan kuma 15 zuwa 20. Amma waɗannan al'adar sana'a ce, ba doka ba, kuma odatuwalet mai tushen itace yana iya fin odafarfan mai lemo daɗewa. Irin kayan haɗin ya fi rubutun kwali ƙarfi.

Na uku, akwai masu ganin dalar nan ta kwali talla ce kawai. Suna da abin kamawa: jerin sunayen bayanin ƙamshi ne, ba jerin abin da aka zuba ba. Inda aka rubuta miski ko ambar, kusan kullum na masana'anta ne, kuma udu na gaske yana da tsadar da ba zai shiga kwalba mai araha ba. Ga shi kuma turaruka da yawa na zamani an gina su ne su tafi a miƙe, ƙamshin safe shi ne na yamma. Duk da haka bambancin saurin tashi gaskiya ne da ake iya aunawa. Abin da ba a dogara da shi shi ne alkawarin cewa wardi zai fito daidai minti na 20.

## Jabu, ko lalacewa, ko rashin sani

Gwajin sa'o'i yana taimakawa wajen gane jabu, amma da iyaka. Masu kwaikwayo sun fi zuba ƙoƙarinsu a ƙamshin kai, domin shi ne mai sayarwa, kuma shi ya fi sauƙin kwaikwaya. Don haka alamar da aka fi gani ita ce buɗewa mai kama da ta asali, sannan bayan sa'a ɗaya ko biyu komai ya rushe, ya koma zaƙi marar fasali ko ya ɓace ɗungurungum. Amma ba a tabbatar da haka sai an sa shi gefe da gefe da wanda aka san na asali ne, hannu da hannu, a rana ɗaya. Tunanin ƙamshin bara ba shaida ba ne.

Turaren da ya lalace kuwa alamarsa akasin wannan ce. Zafi, haske da iska suna fara cin kayan kai ne, musamman dangin lemo. Kwalbar da ta yi watanni a tebur a rana, ko a rumfar kwano, za ta buɗe da tsami ko wari kamar na tsohon mai, wani lokaci ruwanta ya ƙara duhu, amma bayan rabin sa'a zuciya da tushe su fito kusan lafiya. Mai jabu yana da kai ba shi da tushe, lalatacce yana da tushe kansa ya ruɓe. Duhun launi shi kaɗai ba hujja ba ne, domin turare mai banila yana yin duhu da kansa ba tare da ya ɓaci ba.

## Abin da ya shafi mai saye da mai sayarwa

Ga mai saye, hanya mafi arha ita ce ƙaramar kwalbar awo ta mililita 3 ko 6 da masu ɗura turare ke sayarwa. Yini biyu da ita ya fi bayanin kowa. Mai haɗa lefe ko kayan amarya yana da ƙarin lissafi: turaren ba shi kaɗai zai zauna a jiki ba, zai hau kan humra da hayaƙin turaren wuta, waɗanda kusan dukkansu tushe ne. Wanda ya ƙara musu feshi mai nauyin udu da ambar ya tara tushe a kan tushe, a zafin Afrilu kuwa abin kan yi yawa. Mai wardi ko yasmin a tsakiya ya fi samun wurin zama a kansu. Kuma fatar da za ta sa shi ita ya kamata ta gwada, tunda maiƙo da gumi sun bambanta daga mutum zuwa mutum.

Ga mai shago, kwalbar gwaji ita ce ta fi kowace saurin lalacewa, domin kullum a buɗe take, rabinta iska, ga zafi. Idan ta tsufa, sai ta nuna wa mai saye abin da ba shi ne a cikin sabon kwali ba, rigimar ranar Litinin ta sake tasowa ta wata fuskar. Ajiye kaya a cikin kwalinsu, a ƙasan kanta inda ya fi sanyi, yana rage asara. Masu haɗa humra da masu sirka mai da alkohol su ma suna da nasu jiran: sabon haɗi yana da kaifi, kayan ba su shiga juna ba, sai ya yi makonni a rufe a wuri mai duhu kafin ya kwanta. Wadda aka yi wa odar humrar biki tana buƙatar a sanar da ita tun ana saura wata guda ko fiye, kuma a ɗebi kaɗan a ƙaramar kwalba a gwada a dantse ranar da aka haɗa, a sake gwadawa bayan mako uku kafin a ce a ƙara farce ko a rage.